Lissafin Zakka a Kan Allo: Wuraren da Masu Koyo Ke Tuntuɓe

Raba kuɗi gida arba'in ba ya gagarar ɗan aji huɗu na firamare, shi ya sa idan aka iso babin zakka a Islamiyya ɗalibai sukan ɗauka an zo wurin hutawa. Amma rubuta musu tambaya ɗaya a allo, ka zagaya ka duba littattafansu, sai ka tarar da amsa uku ko huɗu, alhali babu wanda ya kuskure wajen rabawa. Abin da ya bambanta su shi ne adadin da kowa ya ɗora rabon a kansa. Kafin a taɓa arba'in ɗin nan akwai tambayoyi uku da sai an amsa su: mene ne ake ƙirgawa, ya kai nisabi ko bai kai ba, kuma a wace rana shekara ta zagayo masa. Tambayoyin da ke tafe irin na aji ne, an gina su bisa mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka karanta a Risalar Ibn Abi Zaid. Inda wata mazhaba ta saɓa ta yadda amsa za ta canza, zan faɗa.

Mu fara kafa ma'auni. Nisabin zinare dinari 20 ne, wanda malaman wannan zamani suka auna da giram 85 na zinare tsantsa. Na azurfa dirhami 200 ne, wato giram 595. Naira ba ta da nisabin kanta, da ɗaya daga cikin waɗannan biyun ake auna ta. Farashin zinare kuwa ba ya zama wuri ɗaya, don haka a allo sai mu ƙaddara wani farashi don sauƙin aiki. Mu ce giram ɗaya naira 150,000 ne. Idan aka ninka shi sau 85, nisabi ya zama naira 12,750,000. Wannan adadi na darasi ne kawai. Ranar da mutum zai fitar da tasa zakkar, sai ya tambayi farashin ranar wurin masu sayar da zinare, ko ya duba sanarwar hukumar zakka ta jiharsa, irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano.

Galibin sanarwar nisabi da ake yi a Najeriya da zinare ake auna ta, kuma shi za mu bi. Akwai malaman da suka zaɓi azurfa, domin nisabinta ya yi ƙasa da na zinare nesa ba kusa ba, sai masu fitarwa su yi yawa, talaka ya fi amfana. Wanda ya bi wannan ra'ayi, adadin nisabi kaɗai zai sauya masa, sauran lissafin duk iri ɗaya ne.

Tambaya ta farko: kuɗin ajiya

Wani mutum yana da naira 9,000,000 a banki, da naira 2,000,000 a gida, da dalolin da in aka canza su a ranar za su ba da naira 3,000,000. Dukansu sun shekara a hannunsa. Nawa zai fitar?

Kuɗi kuɗi ne ko ina suke kwance, don haka a haɗa su wuri ɗaya: naira 14,000,000. Sun haura nisabi. A raba gida arba'in, a sami naira 350,000.

A kowane aji sai an sami wanda zai rubuta 31,250. Hanyar da ya bi ita ce ya cire nisabi daga cikin kuɗin, ya rage 1,250,000, sannan ya raba ragowar gida arba'in. Ya ɗauki nisabi kamar wani kaso da aka yafe, irin yadda ake yi a lissafin haraji. Aikin nisabi guda ɗaya ne, ya nuna ko zakka ta hau kan mutum. Da zarar ta hau, dukan kuɗin ake fitar wa, tun daga naira ta farko.

Kuskure na biyu na masu latsa waya ne. An ce musu kashi biyu da rabi cikin ɗari, sai su ninka da 0.25 maimakon 0.025, amsa ta fito 3,500,000. Maganin wannan a riƙe abu ɗaya a ka: naira 25 a cikin kowace dubu, naira 25,000 a cikin kowace miliyan. Miliyan goma sha huɗu kenan 25,000 sau goma sha huɗu. Wanda yake shakka kuma ya ninka amsarsa sau arba'in. In ba ta mayar da shi kan kuɗin da ya fara da su ba, akwai gyara.

Tambaya ta biyu: mata biyu, kuɗi ɗaya, hukunci biyu

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin ita ke nuna wanda ya fahimci abin da ake nufi da zagayowar shekara.

Mace ta farko ta mallaki naira 10,000,000 ranar 1 ga Rajab, ta shiga saye da sayarwa da su. Da 1 ga Rajab na gaba ya zo, ta sayar da kayanta kaf, tana da naira 13,000,000 a hannu. Mace ta biyu ita ma ta mallaki naira 10,000,000 a wannan rana, amma ta ajiye su ba ta juya ba. A watan Muharram aka raba gado, ta sami naira 3,000,000. Ranar 1 ga Rajab ita ma naira 13,000,000 gare ta. Wace ce zakka ta hau kanta?

Ɗalibai sukan kasu biyu. Wasu su ce duka biyun, tunda sun kai nisabi. Wasu su ce babu ko ɗaya, tunda miliyan goman da ta shekara ba ta kai nisabi ba. Amsar Malikiyya ita ce ta farko za ta fitar, ta biyu ba za ta fitar ba tukuna.

Dalili kuwa shi ne riba 'yar jari ce, shekarar uwarta ita ce shekararta. Ko da jarin bai kai nisabi ba a farko, ko da ribar jiya-jiya ta shigo, ana ɗaukarta kamar tun ranar farko tana cikin jarin. Saboda haka mace ta farko za ta fitar da naira 325,000 a Rajab. Gado kuwa ba daga jikin kuɗinta ya fito ba. Shi da kyauta da sadaki da albashi malamai suna kiransu fa'ida, wato sabuwar dukiyar da ta shigo daga waje. Mace ta biyu ba ta mallaki nisabi ba sai ranar da gadon ya shigo hannunta, don haka daga wannan rana ta Muharram za ta fara ƙirga. In Muharram na gaba ya tarar da kuɗin suna nan sun kai nisabin lokacin, sai ta fitar.

A nan ma'aikaci zai ɗaga hannu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, to ni da kowane wata nake tara wani abu daga albashi fa?” In tarin bai kai nisabi ba, babu komai a kansa, kuma shekararsa za ta fara ne ranar da ya cika. Bayan ya cika, asalin hukunci a Malikiyya shi ne kowane sabon tari da tasa shekarar, abin da ke da wuyar bi ga mai ajiya wata-wata. Shi ya sa malamai da yawa a yau suke ba ma'aikaci shawarar ya riƙe ranar da ya fara cika nisabi, duk shekara in ta zo ya fitar wa dukan abin da ke asusunsa. A mazhabar Hanafiyya ma dama haka hukuncin yake. A ganina wannan ya fi wa mai albashi tsira, domin in an sami kuskure, wajen ƙari zai faɗa.

Abu biyu game da ranar kanta. Da watan Musulunci ake ƙirga, kuma shekararsa kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kimanin kwana goma sha ɗaya. Wanda ya saba fitarwa kowace Disamba, bayan kimanin shekara 33 zai tarar zakkar shekara guda cur ta zube masa. Kamfanin da dole sai da shekarar Bature yake rufe littafi, malamai sun ce ya fitar da kashi 2.577 cikin ɗari don cike giɓin. Sannan akwai masu jinkirtawa sai azumi don neman lada. Wanda shekararsa ta cika a Rabi'ul Awwal ya riƙe har Ramadan, haƙƙin mutane ya danne wata shida.

Tambaya ta uku: mai shago a Kantin Kwari

A nan za mu daɗe, domin a nan aikin yake. Ɗan kasuwar da kaya ke shiga suna fita a shagonsa kullum, fiƙihu yana kiransa mudiri. Shi ba ya jiran sai kaya sun ƙare. Idan shekarar jarinsa ta zagayo, sai ya zauna ya yi wa komai kuɗi. Ga abin da mai shagonmu ya tarar a ranarsa.

A aljihun tebur da banki akwai naira 4,200,000. A kan kanta akwai atamfa turmi 600, ya saro kowanne naira 18,000, yau kuma yana sayarwa naira 22,000. A can ƙurya akwai shadda da ta yi kwantai, an daina yayinta, ya saye ta naira 2,000,000, amma yau in ya sami mai ɗauka a 1,200,000 sai ya gode wa Allah. Yana bin abokan ciniki naira 3,000,000, a ciki naira 600,000 na wurin wani da ya ɗauki kaya ya ɓace, wayarsa ma ba ta shiga. Ya ranta wa ƙanensa naira 500,000 ya yi gini. Shi kuma ana binsa rancen naira 5,000,000. Shagon haya ne, amma katakon jera kaya da tebur da fanka nasa ne.

Kafin a taɓa alli, sai a bi kayan ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: wannan zai shiga ko ba zai shiga ba?

Tsabar kuɗi ta shiga gaba ɗaya. Atamfa ta shiga, amma da farashin yau, wato 600 sau 22,000, naira 13,200,000. Rasiɗin sari ba shi da aiki a nan, domin abin da ake nema shi ne darajar dukiyar a ranar da zakka ta wajaba. In aka tambaya wane farashin yau, na sari ko na ɗai-ɗai, amsar da aka fi bayarwa ita ce wanda shi mai shagon yake sayarwa da shi. Mai sayar da dila ya yi da farashin dila, mai yanka yadi ya yi da nasa.

Shaddar da ta yi kwantai ita ma ta shiga. 'Yan kasuwa da dama sukan ture irin wannan kaya gefe su ce ai ba ya tafiya, amma sanannen zance a mazhaba shi ne mudiri yana yi wa kayansa kuɗi ko da sun yi kwantai. Sauƙin da ya samu shi ne ƙa'idar farashin yau ta yi masa aiki a nan: 1,200,000 zai rubuta, ya manta da miliyan biyun da ya zuba.

Bashin ciniki kashi biyu ne. Wanda ke kan mutanen da ake sa ran za su biya, naira 2,400,000, ya shiga, domin kaya ne suka koma bashi, kuma suna hanyar komawa kuɗi. Na wanda ya ɓace ba ya shiga. In Allah ya sa wata rana ya dawo ya biya, sai a fitar masa zakkar shekara ɗaya, ko da shekara biyar ya yi a waje. Rancen ƙane kuma ba bashin ciniki ba ne, taimako ne, don haka ba a sa shi cikin lissafin shago. Shi ma sai ya dawo hannu a fitar masa ta shekara ɗaya. Kanta da tebur da fanka kayan aiki ne, ba a ajiye su don sayarwa ba, babu zakka a kansu. Haka ginin shagon da a ce nasa ne.

Yanzu a tara:

Tsabar kuɗi: 4,200,000
Atamfa: 13,200,000
Shadda: 1,200,000
Bashin da ake sa ran samu: 2,400,000
Jimla: 21,000,000

A cire rancen da ake binsa, naira 5,000,000, ya rage 16,000,000. Sai yanzu ake gwadawa da nisabi, bayan an cire bashi. Ya haura 12,750,000, don haka zakka ta hau. Miliyan goma sha shida sau 25,000 ya ba da naira 400,000.

Ɗalibin da ya bi rasiɗi zai rubuta atamfa 10,800,000, shadda 2,000,000, ya ƙare da naira 360,000. Ya tauye talaka naira 40,000 ba tare da ya sani ba. A lokacin da farashi ke hawa kullum, bin rasiɗi kusan ko da yaushe mai karɓa yake cuta.

Saura wani sharaɗi da yawancin masu lissafi suke tsallakewa. A Malikiyya bashi yana rage zakkar kuɗi ne idan mutum ba shi da wata kadarar da za a iya sayarwa a biya bashin da ita. Mu ƙara layi ɗaya a tambayar: mai shagon yana da fili da ya gada shekaru da suka wuce, yana nan a ajiye, darajarsa naira 3,000,000. Filin kansa babu zakka a kansa. Amma za a jingina miliyan uku na bashin a jikinsa, sai miliyan biyu kawai a cire daga dukiyar shago. Lissafi ya koma 21,000,000 a cire 2,000,000, saura 19,000,000, zakka naira 475,000. Hikimar a fili take. Ba don haka ba, mai gidajen haya goma zai iya cin bashi daidai da kuɗin da ke asusunsa ya ce ba shi da nisabi.

Tambaya ta huɗu: mai jiran kasuwa

Wani ya sayi fili naira 9,000,000 da niyyar in ya yi daraja ya sayar. Ya shekara uku bai sayar ba, sannan ya sayar naira 20,000,000. Irin wannan ana kiransa muhtakiri, mai saye ya ajiye yana jiran farashi, kamar mai sayen hatsi da kaka ya zuba a sito. A Malikiyya ba ya yi wa kayan kuɗi duk shekara. Ranar da ya sayar ya karɓi kuɗi, sai ya fitar da zakkar shekara ɗaya daga abin da ya karɓa, naira 500,000. Sauran mazhabobi uku sun ce kowace shekara zai kimanta filin ya fitar, don haka kada a yi mamaki in an ji wata amsa daga wani malami.

Niyyar ranar saye ita ce ke juya wannan tambaya. Da don ya gina gidan zama ya saya, daga baya ya fasa ya sayar, kuɗin sun zama fa'ida, sai sun shekara a hannunsa kafin zakka ta hau kansu.

Tambaya ta biyar: manomi

Na sako wannan ne domin ɗalibin da ya saba da arba'in yakan kwaso ta ya kawo gona, alhali kusan duk ƙa'idojin sun canza. Amfanin gona ba ya jiran shekara, da an girbe an sussuke ake fitarwa. Nisabinsa wasƙi biyar ne, wato sa'i 300, kowane sa'i mudun Annabi huɗu. Asalinsa awo ne na mudu, amma an kimanta shi da kusan kilo 653, yana ɗan hawa ko sauka gwargwadon nauyin ƙwayar. In muka ƙaddara buhu kilo 100 ne, nisabi ya kama buhu shida da rabi da ɗan ɗoriya. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala, kamar injin ban ruwa, ɗaya cikin ashirin.

Manomi ya sami gero buhu 30 da damina: buhu 3. Da rani ya noma alkama a fadama da inji, ya sami buhu 40: buhu 2. Ya ce ana binsa bashin taki da na fetur, a cire masa tukuna. Ba a cirewa. Bashi ba ya rage zakkar hatsi ko ta dabbobi a Malikiyya, wahalar ban ruwa kuma ita ce aka riga aka duba da aka mayar da kason rabi.

Maƙwabcinsa ya sami gero buhu 5 da dawa buhu 4. Ɗalibai za su haɗa su ce buhu tara, ya kai. Gero jinsi ne, dawa jinsi ce, shinkafa ma haka, ba a cika nisabin ɗaya da ɗaya. Babu wanda ya kai shida da rabi, don haka babu zakka a kansa, sai dai in ya yi sadaka don kansa.

Aikin gida

Wata mata tana da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na zinare giram 40 da take sawa. Tana da wani zinaren tsantsa giram 60 da ta saya ta ɓoye don kada darajar kuɗinta ta zube, da naira 4,600,000 a banki. Komai ya shekara, ba a binta bashi. A gwada kafin a karanta amsa.

Kayan adon da take sawa ba sa shiga a Malikiyya, ko da yake a Hanafiyya suna shiga. Giram 60 na ajiya shi kaɗai bai kai 85 ba, kuɗin banki su kaɗai ba su kai nisabi ba, kuma a nan ne mafi yawa suke rubuta “babu zakka”. Amma saɓanin gero da dawa, zinare da kuɗi ana cika ɗaya da ɗaya. Giram 60 sau 150,000 ya ba da 9,000,000, a haɗa da 4,600,000 ya zama 13,600,000, ya haura nisabi. Za ta fitar da naira 340,000, kuma tana iya biya daga kuɗin banki ba sai ta sayar da zinaren ba.